Darasi: Koyon Siffofi da Hannu

A azuzuwanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai waɗanda ganinsu ya yi rauni. Wani yana ce ta rufe masa ido, wani tsufa ne. In malami ya zana alwatika a allo, dishi-dishi suke gani. To, abin da ido ya kasa, hannu yana iyawa. Tun a 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda yara ke karatu da yatsu. Mu ma yau da yatsu za mu koyi siffofi biyu.

Kayan aiki

A samo sillen karan dawa busasshe, da tsinken tsintsiya, da zare, da baƙin ƙyalle. A kankare bakin kowane kara, gama ɓawonsa yana yanka yatsa. A yanka kara biyu masu inci 6, biyu masu inci 8, ɗaya mai inci 10. A bar wa kowane ɗan ƙari a baki inda za a soka tsinke, domin awon daga tsinke zuwa tsinke ne. Kada siffa ta fi abin da hannu biyu za su rufe. Ido yana ganin abu gaba ɗaya, amma hannu kaɗan-kaɗan yake bi. In siffa ta cika girma, kafin mutum ya kai ƙarshenta ya manta farkonta.

A shimfiɗa baƙin ƙyallen a tabarma, a ɗora karan a kai. Fari a kan baƙi ya fi fitowa ga mai sauran gani. A zaunar da shi yadda haske zai zo ta bayan kafaɗarsa, kada ya haske masa ido. Kada a shafa wa kara gawayi, don zai bi yatsu ya shiga ido.

Ƙidayar kusurwa

Mu ɗora bakin kara a kan bakin kara, mu soke da tsinke: 6, 8, 6, 8. Ga siffa mai gefe huɗu, kamar ƙyauren ɗaki. Mu miƙa wa ɗalibi mu ce, “Baba, kusurwa nawa ka ji?” Sau da yawa sai ya ce biyar. Dalili kuwa, ya kewayo ya sake ƙidaya wadda ya fara da ita. Maganin wannan, ya danne kusurwar farko da babban yatsan hagu, kada ya ɗaga. Hannun dama shi ke yawo. In dama ta dawo ta taɓa hagu, ƙidaya ta ƙare. Kada malami ya kama hannunsa yana ja. Ya bar shi ya lalluba da kansa.

In siffa ta karkace

Yanzu ya matsa kusurwa biyu masu duban juna. Zai ji siffar ta kwanta gefe. Gefuna huɗu suna nan yadda suke, amma kusurwoyi sun lalace. Yaya zai sani ba tare da ido ba? Ya ja zare daga wannan kusurwa zuwa wadda ke dubanta, ya ƙulla a inda ya tsaya. Sa'an nan ya gwada zaren a sauran kusurwoyi biyun. In tsawon ya zo ɗaya, siffa daidai take. In ɗaya ya fi ɗaya, ta karkace. Haka magina ke gwada harsashin ɗaki.

Alwatika ba ta motsi

A tamu siffar, in ta daidaita, zaren zai zama inci 10. Mu ɗauki kara na biyar mu gicciya shi a wurin zaren, mu soke. Ɗalibi ya sake matsawa. Ba ta motsi! Ya lalluba kuma: siffar ta rabu gida biyu, kowane gida gefe uku, 6, 8, 10. Sunanta alwatika. Saboda wannan ƙarfi nata kafinta ke gicciya katako a bayan ƙyaure.

Kara yana koya siffa, amma ba ya warkar da ido. Yana dai ana cire ta a asibiti. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan a kan titin Zariya, kusa da mu. Wanda ganinsa ke raguwa ya je a duba shi da wuri.

Tambayoyi

1. Don me muke danne kusurwar farko da yatsa?
2. Yaya za mu gane siffa ta karkace?
3. Ku lalluba abu uku a gida masu kusurwa huɗu, gobe ku faɗa mana sunayensu.