DARASI NA GOMA SHA HUƊU: AUNA WASIƘAR NEMAN AIKI DA TAKARDAR TARIHIN RAYUWA

A darasin da ya gabata kun koyi siffar wasiƙar neman aiki: adireshin marubuci da kwanan wata a sama ta hannun dama, adireshin wanda aka rubuta wa ta hannun hagu, sai gaisuwa, da kanu, da gundarin saƙo, da rufewa. Sai dai wasiƙa tana iya cika dukkan waɗannan ƙa'idoji, amma a ajiye ta gefe ba a kira mai ita ba. A wannan darasi za ku zauna a mazaunin mai ɗaukar ma'aikata. Za ku auna wata wasiƙa da takardar tarihin rayuwa da ke tare da ita, ku ba su maki, sannan ku rubuta wa mai su gyara. Takardar tarihin rayuwa ita ce wadda ke nuna karatun mutum da ayyukan da ya taɓa yi a taƙaice.

Kada ku fara da wasiƙar. Ku fara da sanarwar aikin, domin ba a cewa riga ta yi daidai sai an san mai sa ta. A ce wani dillalin albasa a kasuwar Mil 12 da ke Legas, inda fatake daga Arewa suke sauke albasa da tumatir da barkono, ya liƙa wannan sanarwa:

"Ana neman akawu mai rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Ya kasance ya gama sakandare kuma ya ci Lissafi. Ya taɓa yin irin wannan aiki. Yana jin Hausa da Yarbanci. Aiki yana farawa da ƙarfe 6:00 na safe."

Buƙatu huɗu ke nan: karatu, gogewa, harsuna da lokaci. Ku riƙe su. Ga gundarin wasiƙar da wata yarinya mazauniyar Ketu ta aika:

"Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina roƙonka ka taimake ni da aiki kowane iri a wurinka. Na kare makarantar sakandare a shekarar 2021. Ni yarinya ce mai ƙwazo, mai gaskiya, mai riƙon amana, mai son aiki ƙwarai da gaske. Na yi aiki a wani shago har shekara uku. Mahaifina ya tsufa, kuma ina da ƙanne huɗu. Idan ka taimake ni, ba zan ba ka kunya ba.

Naka mai biyayya,"

A takardar tarihinta kuwa, ta fara da makarantar firamare, sannan sakandare, inda ta nuna ta sami B3 a Lissafi. Daga nan ta rubuta cewa daga Janairu 2022 zuwa Disamba 2023 ta yi aiki a shagon sayar da shinkafa da man gyaɗa, tana rubuta ciniki a littafi kowace rana. A layin ƙarshe, bayan ta ambaci karatun littattafai da ƙwallon raga, sai ta ce tana jin Yarbanci da Turanci da Hausa.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi yana da maki 20. Dacewa da aikin tana da maki 8, fitowar ma'ana 6, daidaituwar takardun biyu 3, ƙa'idojin rubutu 3. An ba dacewa kaso mafi girma da gangan. Dillali zai iya yin haƙuri da akawun da ya manta waƙafi, amma ba zai ɗauki wanda bai nuna ya iya aikin ba.

Dacewa da aikin

Kowace buƙata daga cikin huɗun nan tana da maki 2. Idan an ambace ta a wasiƙa tare da hujja, a ba da 2. Idan an ambace ta ba hujja, ko kuwa tana ɓoye a takardar tarihi kawai, a ba da 1. Idan ba a taɓa ta ba sam, babu maki.

Ku duba karatu. Ta ce ta gama sakandare, amma wasiƙar ba ta ce komai a kan Lissafi ba, alhali tana da B3. Maki 1. Gogewa fa? Ta ce ta yi aiki "a wani shago". Wane aiki? Mai shara ma aiki yake yi a shago, haka mai ɗaukar kaya. Abin da dillali yake nema, wato rubuta ciniki, ta yi shi shekara biyu cur, amma sai ta bar shi a takarda ta biyu, wadda mai yiwuwa ba zai buɗe ba idan ta farko ba ta ja hankalinsa ba. Maki 1. Harsuna ma haka, suna can layin ƙarshe a bayan ƙwallon raga. Wani zai ce ai ta rubuta wasiƙar da Hausa, wannan ya isa shaida. Bai isa ba, domin ana iya rubuta wa mutum wasiƙa, kuma ba ta ce komai a kan Yarbanci ba. Maki 1. Batun ƙarfe 6:00 na safe kuwa ba ta ambace shi ba, ga shi Ketu na maƙwabtaka da kasuwar. Jimla ɗaya da ta wadatar. Babu maki. Ta tashi da 3 cikin 8.

Abin lura a nan shi ne, yarinyar ta dace da aikin, wasiƙarta ce ba ta dace ba. Ma'auni yana auna abin da ke kan takarda ne, ba abin da mai takarda ya sani a ransa ba.

Fitowar ma'ana

A nan tambayoyi uku ne, kowace da maki 2. Ta farko: shin jimlar farko ta faɗi aikin da ake nema? A'a. "Aiki kowane iri" yana nuna kamar ba ta karanta sanarwar ba. Doguwar gaisuwa tana da kyau a wasiƙar zumunci, amma a wasiƙar neman aiki "Ranka ya daɗe" ta isa. Babu maki.

Ta biyu: shin jimlolin suna ɗauke da abin da za a iya tabbatarwa? Ku ƙirga siffofin da ta jera wa kanta: ƙwazo, gaskiya, amana, son aiki. Duk mai neman aiki zai iya rubuta su, har wanda ba shi da ko ɗaya, don haka ba sa bambanta ta da kowa. Labarin mahaifinta da ƙannenta yana iya zama gaskiya mai ban tausayi, amma yana nuna dalilin da ya sa take buƙatar aikin ne, ba dalilin da ya sa dillali yake buƙatarta ba. Duk da haka ta ba da shekarar gama makaranta da tsawon aikinta, saboda haka maki 1.

Ta uku: shin mai karatu zai sami abin da yake nema a takardar tarihi da sauri? Bayanan suna nan, amma jerinsu a juye yake. An saba fara wa da abu mafi kusa, a koma baya, kuma a ɗora abin da ya shafi aikin a sama. Maki 1. Jimilla 2 cikin 6.

Sauran maki shida

Wasiƙa ta ce shekara uku, takardar tarihi ta nuna Janairu 2022 zuwa Disamba 2023, wato shekara biyu. Ga mai neman aikin akawu wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Ko dai ba ta iya ƙirga ba, ko ta ƙara gishiri, kuma kowanne daga ciki zai tsorata mai kaya. Sauran bayanan ba su saɓa wa juna ba, don haka maki 1 cikin 3.

A ƙa'idojin rubutu, kuskure ɗaya ko babu yana samun 3, biyu ko uku 2, fiye da haka 1. Kurakuranta biyu ne, kuma irin waɗanda masu koyon Hausa suka saba yi. Ta rubuta "kare" maimakon "ƙare". Ƙare makaranta shi ne gama ta, kare ta kuwa shi ne tsare ta daga cuta. Sannan mace "Taka mai biyayya" take rubutawa, namiji ne ke rubuta "Naka". Maki 2.

Idan kun haɗa 3 da 2 da 1 da 2, za ku sami 8 cikin 20.

Yadda ake rubuta gyara

Maki kaɗai ba ya koya wa kowa komai. Haka ma magana irin "wasiƙarki ba ta yi kyau ba, ki sake". Gyara mai amfani yana nuna wurin, ya faɗi matsalar, ya ba da mafita. Misali: "A jimla ta huɗu kin ce kin yi aiki a shago, amma ba ki faɗi wane aiki ba. Takardar tarihinki ta nuna kina rubuta ciniki kullum. Ki ɗauko wannan ki sa a wasiƙar, ki kuma mai da shekara uku biyu." Ku fara da abin da ya fi cinye maki. Wanda ya cika takarda da jan biro a kan waƙafi, ya bar batun dacewa, ya ɓata wa marubuciya lokaci.

Ga yadda wasiƙar ta koma bayan gyara:

"Ranka ya daɗe,

NEMAN AIKIN AKAWU

Ina neman aikin akawu da ka ba da sanarwarsa. Na ƙare sakandare a 2021, na kuma sami B3 a Lissafi. Daga Janairu 2022 zuwa Disamba 2023 na yi aiki a shagon shinkafa da man gyaɗa, ina rubuta kayan da suka shigo da waɗanda aka sayar, ina kuma haɗa lissafi da maigidana kowace yamma. Yarbanci ne harshen gidanmu. Hausa kuwa na koye ta a makaranta; ina iya ciniki da ƙirga kuɗi da ita, ko da yake ina buƙatar a maimaita mini idan an yi magana da sauri. A Ketu nake zaune, don haka isowa da ƙarfe 6:00 ba zai yi mini wuya ba.

Taka mai biyayya,"

Ku lura da jimlar da ta faɗi iyakar Hausarta. Wasu masu dubawa za su so a cire ta, suna ganin ta rage wa kanta daraja. Gara a bar ta. Dillali zai gwada ta da Hausa ranar da suka haɗu, kuma cikin minti biyu zai gane matsayinta. A nan ne ma'auninmu yake da rauni: wanda ya kwafi kalmomin sanarwa, ya ƙirƙiro musu hujjar ƙarya, zai iya samun 8 cikin 8 a dacewa. Saboda haka, idan kuna gyara wa wani, kada ku ce ya ƙara wani abu sai kun tambaye shi ko ya taɓa yin sa. Maganar haɗa lissafi da maigida kowace yamma ba ta cikin takardun farko. Sai da aka tambayi yarinyar ta faɗa, sannan aka sa.

Aiki

1. Ku auna wasiƙa ta biyu da ma'aunin dacewa da tambayoyi biyu na farko na fitowar ma'ana. Maki nawa ta samu? Ku kwatanta da na abokin zamanku. Inda kuka saɓa, kowa ya nuna jimlar da ya dogara da ita.

2. Ku sake tsara takardar tarihin yarinyar. Wane bayani ne zai hau sama, wane ne za a iya cirewa?

3. A ce sanarwar ta neman mai koyar da yara Lissafi ce a makarantar yamma. Waɗanne jimloli na wasiƙa ta biyu za su zauna, waɗanne za su canza?