Shinkafa, Kabeji da Gyaɗa: Abincin Dare Uku Kafin Kuɗi Su Shigo

Wanda ya tashi a Beji, kan hanyar Minna zuwa Zungeru a Ƙaramar Hukumar Bosso, ya san lissafin cefane daga kasuwa zuwa kasuwa. Ranar kasuwar mako ake sayen doya daga hannun manoma Gwari, a auni hatsi, a haɗa kayan miya, sannan uwargida ta ja su har kasuwa ta zagayo. In abu ya yanke a tsakani, akwai mai tebur a bakin titi, akwai maƙwabciya da za a tura yaro ya karɓo daddawa. A Birtaniya waɗannan biyun ne babu. Manyan kantuna a Ingila awa shida kawai doka ta ba su ranar Lahadi, ƙananan da ke kaiwa dare kuma sun fi tsada. Saboda haka sabon zuwa, ɗalibi ne ko ma'aikaci, ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa gaban kabad da 'yan tarkace uku, albashi kuma sai jibi ko gata.

Kada ka fara da tambayar me kake marmari. Abincinmu kamar murhu yake, a kan duwatsu uku yake zama: abin da zai cika ciki, abin da zai riƙe shi, da ganyen da zai raka su. Na farko shi ne shinkafa, taliya, dankali ko gari. Na biyu wake, ƙwai, gyaɗa ko kifin gwangwani. Na uku kabeji, alayyafo, tumatir ko kuka. Fito da komai ka raba shi gida uku, sannan ka duba wanda zai riga lalacewa, da shi za a fara. Gishiri, barkono, citta, dunƙulen magi, mai da 'yar albasa ba sa cikin ƙidaya, su ne ke sa abu ɗaya ya fito da fuska dabam-dabam.

Mu ɗauka daren Lahadi ne. Abin da ya rage shi ne shinkafa rabin kilo, rabin ƙullin kabeji, da kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa irin wadda Turawa ke shafa wa burodi. Raba shinkafar tun kafin ka kunna wuta: giram 150 kowane dare, wato kofin shayi guda bai cika ba, ragowar giram 50 a ajiye gefe. Kabejin ma a yanka shi kashi uku.

Daren farko na kwaɗo ne, domin yanzu ne kabejin ke da sauran ƙarfin da za a ci shi ɗanye. Yanka kashi ɗaya siriri, ka barbaɗa gishiri kaɗan, ka bar shi minti goma, sannan ka matse ruwan. In ka tsallake matsewar, kwaɗon zai tsinke a kwano. Dama gyaɗar cokali biyu da ruwan ɗumi har ta yi kaurin koko, ka zuba barkono, citta da rabin dunƙule, ka cakuɗa da kabejin da albasa. Gyaɗar ce ta tsaya a madadin ƙuli-ƙuli, kuma tun da ba a matse manta ba, ba sai ka ƙara mai ba. A ci da farar shinkafa da yaji.

Dare na biyu tuwo ne da miyar gyaɗa, kuma a nan aka fi samun matsala. Shinkafar tuwo ta gida tana narkewa ta kama jikinta. Basmati da shinkafar da aka turara kafin a sayar kuwa warwarewa suke yi. Jiƙa ta tun da rana, ka dafa da ruwa ninki huɗu a wuta kaɗan har ƙwayar ta murje tsakanin yatsu, sannan ka tuƙa da muciya ko cokalin katako. In ta ƙi haɗuwa, dama fulawa ko samobita cokali ɗaya da ruwan sanyi ka zuba, ka sake tuƙawa, ka rufe ya turara minti biyar.

Miyar kuma, soya albasa a mai kaɗan, ka dama gyaɗa cokali uku a ruwan ɗumi kofi biyu kafin ka juye a tukunya, don in ka jefa ta haka nan za ta dunƙule. Sa barkono da dunƙule, ka rage wuta, kana juyawa har ƙasa. Bayan kamar minti goma sha biyar za ka ga mai ya taso sama, alamar gyaɗa ta nuna ke nan. Sai kabeji ya shiga na minti biyar. Ka ɗanɗana kafin ka sa gishiri, domin yawancin gyaɗar kwalba da gishirinta take zuwa, wata har da sukari. In miyar ta yi zaƙi, ɗigon lemon tsami ko ruwan tsamiya da ƙarin barkono zai kashe shi. A kula da murhun lantarki: irin mai faranti yana riƙe zafi bayan an rage shi, gyaɗa kuwa ba ta da wuyar kamu. In ka ji ƙauri, juye miyar a wata tukunya ba tare da kankare ƙasan ba.

Dare na uku fate ne. Wanke shinkafar, ka ɗan farfasa ta da gindin kwalba bayan ta jiƙa, ka zuba a tafasasshen ruwa ninki shida da albasa da kayan yaji. In ta yi laushi, sa gyaɗa cokali ɗaya da sauran kabejin. Fate ya dace da ƙarshe saboda ganyen da ya fara yaushi ba ya nunawa a cikinsa, ruwan kuma yana sa kaɗan ya ƙosar. Giram 50 ɗin nan da aka ajiye, in an dafa ta luguf a ruwan gyaɗa aka sa tsami da sukari, kunun gyaɗa ne na safe.

Wani zai ce me ya hana a dafa shinkafar duka lokaci ɗaya a huta. Dalili shi ne akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga dafuwa, ta hayayyafa in shinkafa ta daɗe a ɗaki, kuma ɗumame ba ya kashe dafinta. Ɗakunan can da na'urar ɗumama ɗaki ba su da sanyin da kake zato. Shawarar hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ita ce a sanyaya dafaffiyar shinkafa da wuri, cikin awa ɗaya in zai yiwu, a sa a firji, a cinye cikin kwana ɗaya, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Ka kuma guji barin mai ya yi hayaƙi, domin ƙararrawar gobara ta gidajen haya ba ta bambance suya da gobara.

In kayan sun canza, tsarin bai canza ba. Waken gwangwani dafaffe ne, tsane ruwansa ka haɗa da shinkafa da mai da yaji, garau-garau ya samu. In irin mai miyar tumatir mai zaƙi ne, ɗauraye shi tukuna, ka kuma karanta jikin gwangwanin, don wani da naman alade ake haɗa shi. Kuskus da alayyafon firiza da gyaɗa suna ba da dambu. Dankalin Turawa da kifin gwangwani da albasa fate ne, amma a yanke duk inda ya yi kore ko ya tsiro.

Kilishi da man shanu ba sa shiga Birtaniya a jakar matafiyi daga Nijeriya, doka ta hana nama da kayan madara. Kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa kuwa a neme su a shagunan 'yan Afirka a Peckham da ke Landan ko a Manchester. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin nama da lemo, fara mayar da gurbin abin da ba ya lalacewa: shinkafa, waken gwangwani biyu, kwalbar gyaɗa marar sukari, da ƙullin kuka. Kuka cokali biyu a ruwan da ya ji daddawa da barkono miya ce a minti goma, ko da firji babu komai.