Amarya ta kama lokaci ba ta zo ba: yadda za ki saka tsarin kama layi a shafin shagonki

Wata mai shagon lalle da kitso a Kano ta rubuto cewa tana da shafi da aka gina mata da WordPress, tana so a saka wurin da mata za su riƙa kama lokaci da kansu. Abin da ya ishe ta shi ne amarya ta ce Asabar da safe, a mayar da wasu saboda ita, sannan ko ƙeyarta ba a gani ba.

Hajiya, kafin ki kira wanda ya gina shafin, zauna ki tsayar da ƙa'idarki a takarda, domin manhaja abin da aka faɗa mata kawai take yi. Mu ɗauki lallen amarya na naira 40,000. Idan zanen yana cin awa uku, ki ƙara rabin awa na bushewa da gyara wuri, in ba haka ba ta biyu za ta iso ta farko na zaune da hannuwa a sama. Kafin alƙalami ki sa kashi 30 cikin ɗari, wato naira 12,000. Wadda ta fasa saura awa 48 ko fiye, ta zaɓa: a mayar mata da kuɗinta ko a ɗaga mata zuwa wata rana. Wadda ta fasa bayan haka, kuɗin ya zama na shago. Wannan ƙa'ida ta bayyana a saman maɓallin biya, a inda ido ba zai tsallake ta ba. Kitson naira 3,000 kuwa, ni ban ga dalilin karɓa masa kafin alƙalami ba, korar mutane kawai zai yi.

Amelia da Bookly duk suna wannan aiki a WordPress, kuma ana iya haɗa su da Paystack ta hanyar WooCommerce. Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ke nan a kan 12,000 za a zare naira 280. Ki san da ita a lissafinki.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne tsakanin zaɓar lokaci da shigar kuɗi. Mace ta danna ƙarfe 10 na Asabar, ta tafi biya, sabis ya ɗauke. Idan shafin ya rufe lokacin tun daga dannawa, kin rasa safiyar Asabar a banza. Idan kuma bai riƙe shi ba sam, amare biyu za su biya wa kujera ɗaya. Maganin shi ne a riƙe lokacin na minti 15, in kuɗi bai shigo ba a sake shi. Tabbacin biya kuma ya fito daga saƙon da Paystack ke aika wa shafin kai tsaye, `charge.success`, ba daga hoton rasit da aka turo ta WhatsApp ba.

Sai tunatarwa. Da yawa suna aika ta saura kwana ɗaya, alhali ƙofar fasawa ta riga ta rufe, don haka mai karɓa sai dai ta ji haushi. Amaryar Asabar ƙarfe 10, wa'adinta Alhamis ƙarfe 10 ne, saboda haka saƙon farko ya je mata ranar Laraba, ɗauke da wa'adin da wurin dannawa in za ta fasa. Na biyu ya je Juma'a da yamma, da adireshi da ragowar naira 28,000. Ribarki ke nan: wadda ta fasa Laraba ta bar miki kwana biyu ki ba wata gurbin.

In saƙo yana zuwa da bambancin awa ɗaya, an bar agogon shafin a UTC ne, a mayar da shi Lagos a Settings, ƙarƙashin General. In yana makara ko ba ya fita da dare, WP-Cron ne, wanda ba ya motsi sai wani ya buɗe shafin. Mai ginin ya saka cron na gaske a saba, duk minti biyar. In wasu suna samu wasu ba sa samu, layukansu na kan DND, sai a nemi kamfanin SMS ya bi da saƙonninki ta hanyar saƙon hidima, ba ta talla ba.

Tsofaffin kwastomominki za su ci gaba da bugo waya, wannan ba laifi ba ne. Amma duk wadda ta kama lokaci da baki, yarinyar shago ta shigar da ita cikin tsarin nan take, kafin ta ajiye wayar. Ranar da za ki buɗe, ki kama lokaci da wayarki, ki biya, ki jira saƙon, sannan ki fasa ki ga ko gurbin ya dawo fili.