Yadda ake mayar da dogon jerin ciniki teburi mai jimilla

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau yakan rubuta ciniki yadda ya zo, kowane ciniki da layinsa. Rubutun da sauƙi, amma ran da maigida ya ce, "Buhun gero nawa muka fitar a Fabrairu?" sai yaron shago ya kama bin layi ɗari huɗu da yatsa. Maganin wannan shi ne a bar jerin yadda yake, a gina ƙaramin teburi a gefensa: watanni su sauko ta hagu, nau'o'in hatsi su jeru a sama, jimilla ta zauna a ƙasa.

A ce jerin yana cikin Excel. Ginshiƙin A na wata ne, B na hatsi, C na yawan buhu, kuma bayanan sun fara daga layi na 2 ba su wuce na 500 ba. A F1, G1 da H1 sai ka rubuta masara, gero, dawa, a I1 kuma Jimilla. Daga E2 zuwa E4 ka sa Janairu, Fabrairu, Maris, a E5 ka sake rubuta Jimilla. Yanzu ka shiga F2, inda Janairu ya haɗu da masara, ka buga wannan:

```
=SUMIFS($C$2:$C$500,$A$2:$A$500,$E2,$B$2:$B$500,F$1)
```

Abin da ka umarta shi ne a tara buhunan da ke C, amma na layukan da watansu ya dace da E2 kuma hatsinsu ya dace da F1 kaɗai. Alamar $ ita ce turken aikin. A $E2 an ɗaure ginshiƙi, don haka ko ka ja fomular zuwa dama, tana nan tana duban wata a E. A F$1 kuwa layi aka ɗaure, ko ta sauko ƙasa idonta na kan sunan hatsi. Ka ja ta ta cika har H4. Idan ka ga gidan farko daidai, sauran duk sifili, to turken ne ka manta. Mai amfani da Excel na Faransanci a Maradi ko Damagaram zai rubuta SOMME.SI.ENS, ya sa alamar ; a madadin waƙafi.

Jimilla ba ta da wuya. A F5 ka sa `=SUM(F2:F4)` ka ja zuwa I5, a I2 ka sa `=SUM(F2:H2)` ka ja zuwa I4.

A ce Janairu ya ba da masara 65, gero 30, dawa 20. Fabrairu 50, 45 da sifili. Maris 70, 25, 35. Layin ƙasa zai nuna 185, 100, 55, kusurwa kuma 340. Teburin ya yi kyau, amma kada ka kai wa maigida tukuna. SUMIFS ba ta yin ƙorafi. Layin da bai dace da kowane suna ba sai ta tsallake shi shiru. Saboda haka a wani gida daban ka gwada kusurwar da jerin asali:

```
=SUM(C2:C500)-I5
```

Dole amsar ta zama sifili. Idan ta nuna 12, akwai buhu 12 da ke cikin jeri amma ba su shiga teburi ba. Ka kunna Filter a kan B ka duba sunayen da ya lissafo. Wani lokaci wake ne aka fara sayarwa ba a buɗe masa ginshiƙi ba, ko an rubuta "geero". Mafi ɓoyuwa shi ne sarari a bayan kalma: ido na ganin gero, na'ura na ganin wani abu daban. Babban baƙi da ƙarami ba sa hana dacewa, sarari ne ke hanawa. Ka goge shi, idan cinikin na Fabrairu ne sai 45 ta koma 57, gero ya zama 112, kusurwa 352, gwajin ya dawo sifili. In B ba ta da laifi, ka yi wa A irin wannan binciken.

Akwai ɓarnar da wannan gwajin ba ya kamawa. Wanda ya rubuta "buhu 20" a C maimakon 20 ya mayar da lambar rubutu, kuma SUM da SUMIFS duk za su tsallake ta, bambancin ya fito sifili alhali lissafi ya yi gibi. Ka kwatanta `=COUNT(C2:C500)` da `=COUNTA(C2:C500)`. Ta farko lambobi take ƙirgawa, ta biyu duk gidan da ba fanko ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce yawan gidajen da za ka gyara.

PivotTable na yin teburin nan cikin sauri: wata a Rows, hatsi a Columns, buhu a Values, kuma Grand Total ya fito da kansa. Yana ma tona kuskuren rubutu, domin "geero" zai samu ginshiƙinsa. Sai dai ka tabbata Values na nuna Sum, ba Count ba, kuma bayan ka gyara jeri ka danna Refresh. A ganina, wanda zai riƙa ƙara ciniki kullum fomula ta fi masa, muddin ya tuna ya ɗaga 500 ɗin nan idan jeri ya kusa kai mata.