Dubu goma sha biyar iri biyu

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya min abin da ake turo maka ba ya kai ka ƙarshen wata, kana kuma tunanin ka fara ɗan nema da wayarka. Ban ga laifinka ba. Ko wanda yake karɓar dubu ashirin ɗin lamunin NELFUND duk wata, idan ya cire kuɗin mota da na hoton takardun darasi da na data, abin da ya rage ba zai ciyar da shi ba. Sai dai kafin ka zaɓi sana'a ina so ka riƙa tambayar abu biyu: nawa take kawowa, kuma a wane lokaci take neman ka. Ta biyun ce samari suke mantawa.

Bari in fara da sayar da data, don na san ita ce za ka fara tunani. Za ka buɗe asusu a wata manhajar dillalai, ka zuba jari a ciki, a ce dubu goma. Mutum ya turo maka kuɗi da lambarsa, ka tura masa data daga manhajar, bambancin farashin da aka ba ka da wanda ka sayar shi ne naka. Mu ƙaddara ribarka naira hamsin ce a kowane ciniki. Farashi yana sauyawa, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a 2025, don haka ka duba na yau da idonka, amma lissafin bai sauya ba. Idan ka yi ciniki goma a rana ka sami ɗari biyar, a wata kuma dubu goma sha biyar. A takarda abin gwanin sha'awa.

To, ga inda take zuba. Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya zai ce ka saka masa ta dubu ɗaya da ɗari biyar, in an turo masa kuɗi daga gida zai ba ka. Kunya ba za ta bar ka ka hana ba. Idan bai biya ba, ribar ciniki talatin ce ta tafi, wato aikin kwana uku cur. Mutum uku irinsa a wata sun kusa cinye sulusin abin da ka samu. Wata rana kuma ka yi kuskuren lamba ɗaya wajen rubutawa, datar ta tafi wurin wanda ba ka sani ba, babu mai dawo maka da ita. Wata rana sabis ya tsaya, manhaja ta cire kuɗinka amma mai saye bai ga komai ba, ga shi yana kiranka kira a kan kira. Akwai kuma mai turo maka hoton shaidar biya alhali bai tura ko sisi ba. Maganin wannan ɗaya ne: kada ka yarda da hoto ko saƙon tes, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna kafin ka tura komai.

Duk wannan ana iya magance shi da tsari. Abin da ya fi damuna shi ne cinikin nan goma ba tare suke zuwa ba. Ɗaya zai zo kana tsakiyar lakca, ɗaya kana ɗakin karatu ka fara fahimtar abin da ya gagare ka, ɗaya ƙarfe ɗaya na dare. Tura data minti biyu ne, amma dawo da hankali kan littafi ya fi haka nisa ba kusa ba, balle in ka riga ka buɗe WhatsApp ka ga saƙonni suna jiran ka. Mai sayen data kuwa ba ya jira. Datarsa ta ƙare ne yanzu, in ba ka amsa ba a minti biyar ya saya a manhajar bankinsa. Wannan sana'a kamar shagon da ba shi da ƙofa take, ba ka isa ka rufe ka tafi aji ba.

In har kana son ta duk da haka, ka yi ta a kan sharaɗi. Ka sauke WhatsApp Business da lambar da ba ta gida ba, ka saita abin da ake kira Away message ya riƙa gaya wa mutane lokutan da kake aiki, misali bayan azahar zuwa la'asar da kuma bayan isha'i na awa ɗaya. Ka rubuta a fili cewa babu bashi, tun ranar farko, don hana mutum tun farko ya fi sauƙi a kan bin sa daga baya. Jarin kuma ya zauna a asusu daban da na cefanenka, in ba haka ba za ka ci uwar kuɗin kana zaton riba kake ci. Ka sani dai cinikinka zai ragu, wataƙila zuwa rabi. Ka karɓi hakan.

Yanzu ga wata dubu goma sha biyar ɗin. Kai ka ci jarrabawar JAMB ba da daɗewa ba, lissafinka kuma yana da kyau. A unguwarku da cikin dangi akwai yara 'yan ajin ƙarshe na sakandare da suke shirin wannan jarrabawa, iyayensu suna neman wanda zai riƙe musu hannu. Ka ɗauki biyar kawai, kowane uba ya biya dubu uku a wata. Kuɗin ya yi daidai da na ciniki ɗari uku na data, ba ka zuba jari ba, kai ne kuma mai sa lokaci.

Ga yadda zan tsara shi da ni ne kai. Darasi ɗaya za ka ɗauka, wanda ka fi ƙwarewa, kada ka ce za ka koyar da duka huɗun da yaro yake rubutawa. Ka buɗe guruf, ka saita shi yadda kai kaɗai kake iya tura saƙo sai lokacin darasi, in ba haka ba cikin mako guda zai koma dandalin hira da barkwanci. Zama biyu a mako ya isa, a ce daren Asabar da daren Laraba, awa ɗaya da rabi kowanne. Kwana ɗaya kafin zama ka tura tambayoyi goma daga na shekarun baya, duk a kan babi guda. Kowane yaro ya yi aikinsa a takarda, ya ɗauki hoto ya turo maka kai kaɗai. Idan lokaci ya yi ka warware su da biro a farar takarda, mataki-mataki da manyan baƙaƙe, ka ɗauki hoto inda haske yake da kyau, ka bi kowace da saƙon murya da bai wuce minti biyu ba. Kiran bidiyo na mutum shida yana cin data, yana kuma yankewa, yaron da wayar mahaifiyarsa yake ara ba zai iya bi ba. Hoto da murya kuwa suna nan, zai saurara ko da safe ne.

Wajen duba aikinsu ne amfaninka zai fito. A ce ka ba su 2x + 6 = 14, uku daga cikinsu suka kawo 10. Amsar 4 ce, amma kada ka tsaya a cewa sun faɗi. Ka duba layi na biyu, za ka ga sun tsallakar da 6 zuwa ɗaya ɓangaren ba su sauya alamarta ba, suka tara ta da 14 suka sami 20, suka raba biyu. Wannan kuskure guda zai bi su cikin tambayoyi da yawa. Ka yi masa saƙon murya ɗaya da Hausa, yadda malaminsu mai yara tamanin a aji ba zai sami sukunin yi ba. Abin da uban yaro yake biya ke nan.

Da iyaye za ka yi maganar kuɗi, ba da yara ba, kuma a biya a farkon wata. Duk ƙarshen wata ka tura wa kowane uba layi biyu: ɗansa ya halarci zama nawa, ina ya gyaru, ina ya rage. In akwai 'ya mace a cikinsu, to duk magana ta kasance a guruf ko ta wayar mahaifiyarta, wannan kariya ce gare ka da ita. Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin maki. Ranar da wani ya ce ka nemo masa amsar jarrabawa kafin a shiga, ka sallame shi salin-alin.

Ita ma tana da iyakarta. Sana'a ce ta kaka, tana tashi a watannin da ke gaban jarrabawa, da an rubuta sai ta kwanta, sai dai ka riƙe 'yan ajin da ke biye. Wani uban zai ce ai ɗan'uwa ne, ya za a yi maganar kuɗi. Wannan ka bar wa mahaifiyarka ko ni, manya sun san yadda suke faɗa wa juna. Sannan awa ukun nan ba su ne duka ba, ka ƙara biyu na shiri da duba aiki, biyar ke nan a mako. In ka ga ya haura shida, yaran sun yi maka yawa.

Sauran abubuwan da za ka ji ba zan daɗe a kansu ba. Zana katin biki ko sanarwar walima da Canva yana kawo kuɗi, yana kuma da kyau don kai kake cewa a zo a karɓa jibi, sai dai ka karɓi rabin kuɗi tukuna, ka kuma ƙayyade gyara sau biyu, don dangin amarya ba sa gajiya da sauya suna da launi. Tallan atamfa da shadda na wani ɗan Kantin Kwari a sitatus ya fi dacewa da wanda yake Kano, yana kuma da ɗan kasuwar da ya yarda da shi, domin in launin da ya iso ya saɓa da na hoto kai za a kama.

Wanda zan ja maka kunne a kansa da ƙarfi shi ne duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista, ko ka zuba kuɗi su ninku, ko ka kawo mutum uku a ƙarƙashinka. MMM ta rufe kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe da na wasu a Afrilun 2025, kuma a duka biyun waɗanda suka fara shiga sun ga kuɗi da idonsu, shi ya sa na baya suka yarda. Haka wanda zai ce ka ara masa lambar asusunka a turo masa kuɗi ya ba ka wani abu. Idan kuɗin na zamba ne, sunanka da BVN ɗinka ne a jiki, kai hukuma za ta fara nema.

Game da karatu kuwa, kada ka jira sakamakon ƙarshen zango ya gaya maka. Makin gwajin tsakiyar zango yana kai talatin ko arba'in cikin ɗari, jami'o'i da yawa kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 na lakca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Saboda haka in ka rasa lakcar safe sau biyu a mako guda don ka kwana kan waya, ko makin gwajinka na farko ya gaza na zangon da ya wuce, ka rage aikin a wannan makon. Tun ranar da za ka ɗauki yaran ka gaya wa iyayensu cewa mako uku kafin jarrabawarka za ka dakata har ka gama, watan kuma rabin kuɗi za su biya. Ka turo min jadawalin lakcocinka in gani, sai mu zaɓi dararen biyu tare, ni kuma zan yi wa baban su Abba magana, don nasa biyu ne suke shirin rubutawa bana.