Farashin Tumatir: Wane Layi Ne Ya Gusa?

Ka sami tsinke ka ja layi biyu a ƙasa, ɗaya a tsaye a gefen hagu, ɗaya a kwance a ƙarƙashinsa. Na tsaye yana nuna kuɗin kwandon tumatir, yana ƙaruwa idan ka yi sama. Na kwance yana nuna yawan kwanduna, yana ƙaruwa idan ka yi dama.

Mu ƙaddara wata ƙaramar kasuwa, lissafin na misali ne. Idan kwando naira 5,000 ne, masu saye suna son kwando 100. Idan ya kai 10,000, sai su sayi 70. A 15,000 kuwa, 40 kawai za su ɗauka, saura su koma miyar kuka ko busasshen tumatir. Ɗiga waɗannan wurare uku ka haɗa su. Za ka ga layi yana gangarowa daga hagu zuwa dama. Wannan shi ne layin masu saye, wato na buƙata.

Manoma kuwa akasin haka suke. A 5,000, kwando 40 za su kawo, domin na nesa ba zai fitar da kuɗin mota ba, gara ya yanka ya shanya. A 10,000 su kawo 70, a 15,000 su kawo 100. Nasu layin hawa yake yi. Layukan biyu sun haɗu a 10,000 da kwando 70. Nan ciniki yake tsayawa, babu kwantai, babu wanda ya zo da kuɗin ya koma hannu wofi.

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Idan tsada kawai ta sa uwargida ta rage sayen tumatir, layinta bai motsa ba, ita ce ta matsa a kansa. Layi yana gusawa gaba ɗaya ne idan wani abu dabam, ba farashin tumatir ɗin ba, ya canza.

A shekarar 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa. Tana shiga cikin ganye da 'ya'yan, kafin manomi ya farga gona ta ƙone. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A kasuwarmu ta misali, a ce tsutsa ta cinye kwando 60. Yanzu a 10,000 kwando 10 ne kawai zai zo, a 15,000 kuma 40. Share layin manoma, ka sake jansa can hagu. Masu saye suna nan yadda suke, amma masu neman kwando 70 ba za su raba kwando 10 ba, sai su yi ta ƙara wa juna kuɗi. Ciniki ya tsaya a 15,000 da kwando 40.

Yanzu mayar da layin manoma inda yake. A ce gona lafiya lau, sai ga fatake sun zo da manyan motoci za su yi lodi zuwa Legas, suna neman ƙarin kwando 60 a kowane farashi. Layin masu saye ne ya gusa dama. A 15,000 ana neman kwando 100, manoma kuma suna shirye su kawo 100. Ciniki ya sake tsayawa a 15,000.

Kuɗi ɗaya ne a duka biyun, amma dubi kwandunan: can 40, nan 100. Saboda haka farashi shi kaɗai ba ya gaya maka abin da ya faru, sai ka ƙirga kaya. Tsada da ƙarancin kaya a kasuwa, matsalar daga gona ko hanya take, kamar tsutsa, damina, tsadar taki ko ta man injin ban-ruwa. Tsada da kasuwa cike da kaya ana ta lodi, masu saye ne suka ƙaru.

Ina son manomi ya riƙe wannan bambanci da kyau, domin kuɗinsa ne a ciki. Tsadar da tsutsa ta kawo takan ja kowa ya faɗaɗa gona a rani mai zuwa. Idan tsutsar ta lafa, layin manoma ba ya tsayawa inda yake da can, wucewa dama yake yi, ga shi masu saye ba su ƙaru ba. A misalinmu, ƙarin kwando 60 zai sauke farashi zuwa 5,000, tumatir kuwa ba ya jiran gobe. Kafin ka ci bashin taki saboda farashin bara, ka je kasuwar Kwanar Gafan ko ta 'Yankaba ka tambayi dillalai ko motocin da suka yi lodi bara sun fi na bara waccan yawa.