Matakan Zaɓe Tsakanin POM da Displacement: Misalin Titin Duwatsu

A ce kana gina titin duwatsu a wasan bidiyo da injin Godot 4, ramukan da ke tsakanin duwatsun kuma sun kai zurfin santimita 3. Hanya biyu ce a gabanka. `Parallax Occlusion Mapping`, wato POM, dabara ce ta yaudarar ido: shimfiɗar tana nan a baje, sai dai kowane fiksel yana bin taswirar tsayi taku bayan taku har ya gano inda kallon kyamara zai ci karo da dutse. `Displacement` kuwa ɗaga jikin surar yake yi da gaske, don haka yana bukatar alwatika masu yawa.

Mataki na 1. Fara da `Normal Map` kaɗai, ka tsaya da kyamara inda ɗan wasa zai riƙa tsayawa. Idan daga nan titin ya gamsar, ka bar taswirar tsayi. Tsagar itace da kaushin siminti ba su cancanci kuɗinta ba.

Mataki na 2. Idan duwatsun sun yi kama da zane, kunna `Height` a `StandardMaterial3D`, ka sa taswirar, sannan ka kunna `Deep Parallax`. Za ka tarar da `Min Layers` a 8, `Max Layers` a 32. Ƙara `Scale` a hankali.

Mataki na 3. Sauke kyamara kusa da ƙasa, ka hango titin a kwance. Nan ne asirin POM ke tonuwa. In ka ga gefen duwatsu ya rarrabu hawa-hawa kamar an jera faranti, takun sun yi wa zurfin kaɗan. Mutane kan yi saurin ƙara taku, amma rage `Scale` ya fi araha, ga dalili: allon 1920×1080 yana da fiksel kusan miliyan 2. Idan titin ya cinye rabinsa, taku 32 na iya kai karatun taswira miliyan 32 a kowane hoto, a wasan da ake so ya fitar da hoto 60 a daƙiƙa.

Mataki na 4. Duba bakin titin, inda ya haɗu da sararin sama ko ya lanƙwasa. POM ba ya canza wannan layin, zai fito a miƙe santal, inuwar da yake jefawa ma haka. Idan ɗan wasa zai ga bakin, nan ne `Displacement` ya cancanta, ko ka sassaƙa duwatsun gefen da hannu ka bar POM a tsakiya.

Mataki na 5. In za ka ɗaga surar, nemi taswira mai bit 16. Mai bit 8 hawa 256 kawai gare ta, a kan tudu mai laushi sai ka ga matattakala.

A wasan waya kuwa, ka tsaya a matakin farko.